Darasi: Gane Kayan Yaji a Cikin Hoto

A kasuwa, mai sayen kayan yaji da hanci yake ciniki. Zai ɗebi kanumfari ya shinshina, ya murje masoro a tafin hannu, ya karya kimba ya ji ko da sauran ƙamshi. Yanzu kuwa ciniki da yawa ya koma waya. Mai kaya yana Kasuwar Kurmi a Kano, mai saye tana Maraɗi ko Abuja, abin da ke tsakaninsu hoto ne kawai. Hoto ba ya ɗauke da ƙamshi, ba ya ɗauke da nauyi. Abu uku yake kawowa: girma, siffa da launi. Wannan darasi zai koya muku yadda ake karanta ukun nan, da kuma jerin da ake bi. Girma ake fara dubawa, sai siffa, launi ya zo a ƙarshe. Yawancin masu kuskure da launi suke farawa, alhali shi ne mafi saurin yaudara a cikin ukun.

Girma, da dalilin jinkirta launi

Waya ba ta san girman abu ba. Ƙwayar da ba ta wuce milimita 3 ba, in an matso da kyamara, sai ta cika fuskar waya. Saboda haka tambayar farko ga kowane hoto ita ce: me ke ciki wanda na san girmansa? Tsinken ashana yana da tsawon santimita 4 zuwa 5, kuma babu gidan da ba a samunsa. In babu ashana, a nemi yatsan mai riƙe da kayan, ko ƙwayar shinkafa. In kuma hoton na kayan da aka haɗa ne, ku nemi kanumfari, domin shi ne ma'aunin da ke zuwa da kansa. Tsawonsa bai cika fita daga santimita 1 zuwa 2 ba, ga shi ba ya ɓoyuwa: doguwar jijiya, haƙora huɗu a samanta, da ɗan dunƙulen kai a tsakiyarsu. Furen bishiya ne da aka tsinke kafin ya buɗe. Da kun same shi, sai ku auna sauran kayan da shi.

Launi kuwa hasken wurin ne ke mulkinsa. Ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana mai da farin riɗi kamar soyayye. Rumfar da aka lulluɓe da shuɗin tampol tana sa jan barkono ya yi duhu kamar tsohon kaya. Fitilar waya tana sa wa kowace ƙwaya ƙyalli, har wadda ba ta da shi. Ga kuma wata ɗabi'a ta kyamara: in aka zuba baƙaƙen ƙwayoyi a kan farin faranti mai sheƙi, sai ta rage haske don kada farin ya yi yawa, ƙwayoyin su zama baƙin tabo ɗaya da ba a ganin komai a jikinsa. Dabarar gwada hasken hoto ita ce ku nemi abin da kuka san fari ne, takarda ko farar leda. In shi ma ya yi ja-ja ko shuɗi-shuɗi, to launin duk abin da ke hoton ya karkata haka, kada ku yanke hukunci da shi.

Masoro da masu kama da shi

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan ake yin asara. Abu huɗu ne ke fitowa a hoto a matsayin ƙananan ƙwallaye masu duhu, kuma wanda bai saba ba zai kira su duka masoro.

Masoron da iyayenmu suka sani ɗan wani yaɗo ne da ke hawa bishiyoyi a dazuzzukan kudu, daga Gini har Kamaru da Kongo. Ƙwayarsa ƙarama ce, milimita 3 zuwa 5, ba ta cika zagaye ba, ta ɗan yi tsawo. Jikinta bai yamushe sosai ba, kuma launinta yakan tashi daga ja mai duhu zuwa baƙi. Babbar alamarsa ita ce jela: kowace ƙwaya tana da ɗan siririn tsinke manne da ita, kuma galibi a lanƙwashe yake. Wasu jelolin suna karyewa a cikin buhu, don haka kada ku duba ƙwaya ɗaya. Ku duba goma ko ashirin. In mafi yawansu na da jela, ko gurbin da ta karye, masoron gida ne.

Na biyu shi ne wanda ake shigowa da shi daga Indiya da Biyetnam, wanda a rumfuna da dama shi ma masoro ake ce masa. Wannan zagayayye ne sosai, kimanin milimita 5, jikinsa duk ya yamushe ya yi layi-layi kamar raga, kuma ba shi da jela ko kaɗan. Dalili a bayyane yake ga wanda ya ga tsiron: ƙwayoyinsa manne suke da zangarniya kai tsaye, ba su da tsinken kansu. Ɗanɗanonsu ba ɗaya ba ne. Na gida ya fi ƙamshi da ɗan ɗaci, na waje ya fi yaji. Mai haɗa yajin jego da ta nemi na farko aka aiko mata da na biyu ba za ta ce an cuce ta ba, amma yajin ba zai yi ƙamshin da ta sani ba.

Akwai na uku mai jela da ake nomawa a tsibirin Jaba na Indonesiya. Ya fi namu girma, ya fi zagaye, jikinsa a yamushe, jelarsa kuma a miƙe take. Ba kullum ake cin karo da shi ba, amma ku san da shi, don kada ku ɗauka duk mai jela namu ne.

Na huɗu ba yaji ba ne sam. Busasshen irin gwanda ne, kuma shi ne tsohon algus ɗin da ake yi wa masoron waje a ƙasashe da yawa, saboda girmansu ɗaya, dukansu baƙaƙe ne masu kaushi. A hoto mai kyau ana iya raba su. Irin gwanda ya fi kama da ƙwai, ɗaya gefen ya ɗan tsuke, kuma kaushin jikinsa ƙuraje ne da tudu-tudu masu tsini, ba lallausan layin raga ba. Launinsa yakan yi fari-fari ko kore-kore a cikin baƙin. Hujja mafi ƙarfi ita ce a fasa. Ku ce wa mai kaya: “Malam, don Allah fasa mini guda biyar ka sake ɗauka.” Cikin masoro fari ne, mai gari, da ɗan rami a tsakiya. Cikin irin gwanda ƙwaya ce mai maiƙo a cikin ɓawo mai kauri. Mai kayan da ya ƙi fasa ƙwaya biyar ya riga ya ba ku amsa.

Baƙaƙen ƙwayoyi uku

Habbatus sauda tana da kasuwa, saboda haka tana da masu shiga rigarta. Ƙwayarta milimita 2 zuwa 3 ce, baƙa ƙirin, ba ta ƙyalli. Siffarta ce ke tona ta: tana da kusurwa uku, ɗaya gefen ya kumbura, ɗaya bakin ya yi tsini, jikinta kuma da ɗan kaushi. In an fasa, cikin fari ne mai mai.

Baƙin riɗi shimfiɗaɗɗe ne, siffarsa kamar ɗigon ruwa, jikinsa sumul da ɗan sheƙi. In aka zuba shi a faranti, ƙwayoyin kwanciya suke yi su hau kan juna. Na habbatus sauda ba sa iya kwanciya haka saboda kusurwoyinsu, sai su tsaya ta kowace fuska, inuwa ta shiga tsakaninsu. Wannan bambancin kwanciya ana ganinsa ko da hoton bai fito da ƙwaya ɗaya-ɗaya ba.

Irin albasa ya fi wuya, har masu sayarwa a wasu ƙasashe suna haɗa sunansu. Shi ma baƙi ne mai kusurwa. Sai dai ya motse, ya lotsa ta gefe ɗaya, kuma babu ƙwaya biyu masu siffa iri ɗaya. Habbatus sauda kuwa cike take, kuma ƙwayoyinta sun yi kama da juna. Ni dai a hoton da aka ɗauka daga nesa ba na yarda in raba waɗannan biyun, kuma ban shawarci kowa ya yarda ba. A nemi na kusa.

Citta, hulba da kimba

In an ce citta a waya, a tambaya wacce. Citta mai yatsu saiwa ce, busasshiyarta a tsage take, fara-fara, da zare-zare a bakin karaya, kuma kudancin Kaduna, wajen Kaciya da Kafancan, ya yi suna wajen nomanta. Takan rikice da busasshen kurkum, amma shi kurkum ya fi sirantaka da tauri, yana da zobe-zobe a jiki, in an karya cikinsa ruwan goro ne. Citta mai ƙwaya kuwa iri ce: ƙwayoyi kimanin milimita 3, ja mai duhu, masu sheƙi, masu kusurwa, kowace da ɗan farin baki a tsininta, cikinsu fari fat. Sau da yawa a cikin kwansonsu ake sayar da su, busasshen kwanso mai ruwan ƙasa, tsawon santimita 5 zuwa 7.

A ƙarƙashin ƙwan lantarki, citta mai ƙwaya da hulba suna iya zama launi ɗaya, ga girmansu ya yi kusa. Hulba ruwan ɗorawa ce mai duhu, ba ta sheƙi, siffarta kusan murabba'i, kuma akwai tsaga mai zurfi da ta ratsa kowace ƙwaya a karkace ta raba ta gida biyu marasa daidaito. Da kun ga wannan tsaga, magana ta ƙare.

Kimba ba ta wahalar da kowa. Kwasfa ce siririya mai duhu, santimita 2 zuwa 5, da ƙulli-ƙulli inda 'ya'ya suke, wani lokaci da yawa a haɗe a gindi ɗaya.

Busasshen barkono

Duk busasshen barkono ja ne, saboda haka a nan launi ba ya faɗin iri. Abin da ake dubawa shi ne tsawo a kan faɗi, sai kaurin fata, sai hanci, wato tsinken da ya riƙe shi a jikin uwa.

Busasshen tattasai babba ne, yakan kai tsawon tsinken ashana biyu ko fiye, kafaɗarsa da faɗi, fatarsa mai kauri ta naɗe ta yi duhu, hancinsa kakkaura. Shambo dogo ne siriri, ya lanƙwasa, bakinsa da tsini. Ƙananan barkono masu zafi, irin su tsiduhu, ba sa kai rabin tsinken ashana, fatarsu sumul, siririya har ana hango inuwar 'ya'yan ciki in haske ya ratsa. Attaruhu in ya bushe dunƙulewa yake yi, tsawonsa da faɗinsa kusan ɗaya, ya yi lungu-lungu. Yana da wata alama da ba kowa ya lura da ita ba: a daidai inda hanci ya haɗu da hular da ke kan ɗan, akwai ɗan matsi kamar an ɗaure wurin da zare. Tattasai da shambo ba su da wannan matsi, domin su jinsi ɗaya ne, attaruhu jinsinsa dabam.

Raba su ba ƙawa ba ce. A ma'aunin zafin barkono da ake kira Sukobil, attaruhu yana tsakanin 100,000 da 350,000, barkono mai tsawo irin shambo kuwa bai cika wuce 50,000 ba, tattasai yana can ƙasa. Wadda ta daka attaruhu a ma'aunin tattasai ta ɓata yajin shekara. Amma ku sani hoto iri yake nunawa, ba zafi ba. Barkono iri ɗaya daga gonaki biyu yana iya bambanta, gwargwadon ruwa da ranar da ya samu.

Inda launi ke da amfani a barkono shi ne wajen gane lafiyar kaya, muddin kun tabbatar hasken na gaskiya ne. Sabon busasshe ja ne mai sheƙi. Wanda ya daɗe a rana ko ya kwana biyu a rumbu yana koɗewa, ya koma ruwan goro da farin dabbare-dabbare. Baƙin tabo da farin gari a cikin naɗin fata alamar danshi ne da hunhuna, kuma hunhunar barkono tana iya haifar da dafin da ke cutar da hanta, wanda girki ba ya kashe shi. Ƙananan huda zagayayyu da gari a gindin faranti aikin ƙwaro ne.

Mu karanta hoto ɗaya tare

A ce wata uwa ce 'yarta ta kusa haihuwa, ta aika wa mai kayan yaji saƙo ya haɗa mata kayan yajin jego. Ya turo hoto: farantin silba, an yi tsibi shida, an ɗauka da daddare da fitilar waya. Babu ashana, babu yatsa.

Da farko ta nemi ma'auni, ta samu kanumfari a gefen dama. Tun a nan ta lura kusan rabinsu babu dunƙulen kai, ga siraran tsinkaye a ciki. Kanumfari ne, amma ba na ɗaya ba, domin kan yana faɗuwa in kaya ya tsufa ko ya sha jigila, tsinkayen kuma ƙarin nauyi ne mai ƙarancin mai. Tsibi na biyu kwasfa ce mai ƙulli, tsawon kanumfari biyu zuwa uku: kimba. Na uku saiwa ce fara-fara a tsage: citta mai yatsu. Waɗannan ukun ba su buƙaci launi ba.

Na huɗu barkono ne. A hoton ya yi baƙi-baƙi, har ta so ta ce ya lalace. Sai ta duba farar ledar da ke gefen farantin, ta ga ita ma ta yi toka-toka. Ke nan hasken ne ya gaza, ba za a ce barkonon ya lalace saboda wannan hoto ba. Tsawonsa dai bai wuce kanumfari ɗaya da rabi ba, siriri, sumul: ƙaramin barkono mai zafi ne, abin da take so.

Na biyar ƙananan ƙwayoyi ne masu ruwan ƙasa suna ƙyalli. Ƙyallin yana jan hankali zuwa citta mai ƙwaya, amma fitilar waya ce ta haska su, saboda haka ƙyallin ba hujja ba ne. Ta buɗa hoton da yatsu biyu don neman tsagar hulba ko farin bakin citta, sai ya dushe. Na shida baƙaƙen ƙwallaye ne, kimanin sulusin tsawon kanumfari, kuma duk inda ta duba bakin tsibin, inda ƙwayoyi suka warwatsu, ba ta ga jela ko ɗaya ba. Bakin tsibi ake dubawa kullum, domin a can ne ƙwaya ke fita ita kaɗai.

Sai ta rubuta masa: “Malam, sannu da ƙoƙari. Kimba da citta da barkono sun yi. Kanumfarin a sake mini mai kai. Na biyar da na shida, gobe da safe ka zuba kaɗan a kan takarda a inuwa, ka ajiye tsinken ashana a gefe, ka fasa biyar-biyar, kada ka kunna fitila.” Ya amsa: “To Hajiya, in Allah ya kai mu.” Hoton safe ya nuna na biyar jajaye ne masu farin baki, cikinsu fari: citta mai ƙwaya ce. Na shida zagayayyu ne masu layin raga, cikinsu fari mai gari: masoron waje ne, babu algus, amma ba shi ta nema ba. Ta ce a musanya mata da mai jela.

Ku lura da abin da ta nema, domin shi ne ƙa'idar hoton kayan yaji: hasken rana a inuwa, takarda marar sheƙi, ƙwayoyi kaɗan a baje, ma'auni a gefe, wasu a fashe. Kada a kusanto da waya fiye da faɗin tafin hannu, domin yawancin wayoyi ba sa iya fito da abu sarai a kusa haka. In ta WhatsApp za a turo, a zaɓi Document maimakon Gallery, saboda hanyar da aka saba tana matse hoto ta goge ƙananan alamun da ake nema.

Inda hoto ya tsaya

Akwai wurin da ko gwani ba ya dogara da hoto. Irin zaƙami shimfiɗaɗɗe ne, ruwan ƙasa mai haske, siffarsa kamar ƙoda, kuma yana kama da 'ya'yan barkono. Ya fi su girma da kauri da duhu, bakinsa na waje yana da tudu biyu, nasu kuwa siriri ne ruwan ɗorawa. Amma zaƙami guba ne mai gusar da hankali, yana kuma kisa, kuma bambancin milimita ɗaya a fuskar waya bai isa a sa rai a kansa ba. Haka nan ɗan itacen nan mai siffar tauraro, mai yatsu takwas, da ake sa wa a shayi. Na ci daga Sin da Biyetnam yake zuwa, amma yana da ɗan'uwa na Japan mai guba wanda in sun bushe ido ba ya raba su da tabbaci. A shekarar 2003 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da shan shayinsa, bayan rahotannin rashin lafiya, har da na jarirai. Garin yaji kuma ba ya cikin wannan darasi gaba ɗaya: da an daka, siffa ta tafi, saura launi, shi kuwa ana rina shi.

Aikin yi

Kowane ɗalibi ya zo da kayan yaji iri uku daga gida. Ku ɗauki kowanne sau biyu, ɗaya a ɗaki da fitilar waya, ɗaya a inuwa a kan takarda da tsinken ashana. Ku yi musayar waya da na kusa da ku, ya fara da hoton ɗaki, ya faɗi sunan abin da alamar da ya dogara da ita, sannan ya duba na inuwa ya ga ko zai sauya magana. Amsar da aka kafa a kan launi kaɗai malami ba zai karɓa ba, ko da ta dace. Duk ƙwayar da kuka tsinta ba ku san asalinta ba, ku kawo ta aji a ƙulle a leda, kada ku ɗanɗana, kada ku ba yaro.